Alƙaluman Manhaja Ba Shaida Ba Ne: Nasiha Ga Ɗalibai Kan Wasiƙar Uba Zuwa Ga Shugaban Makaranta

Tun daga watan Nuwamba na shekarar 2022, lokacin da kamfanin OpenAI ya saki manhajar ChatGPT wadda ke iya rubuta insha'i cikakke cikin ƙiftawar ido, malamai a ƙasashe da dama suka shiga fargabar cewa jingar da ɗalibai ke kawo musu ba daga kwanyarsu take fitowa ba. Wannan fargaba ce ta buɗe kasuwar wasu manhajoji da ake kira masu gano rubutun ƙirƙirarriyar basira, wato manhajojin da ake zuba wa rubutu su fitar da wani adadi cikin ɗari da ke nuna yadda rubutun ya yi kama da aikin na'ura a ganinsu. Inda matsala take tasowa shi ne lokacin da malami ya ɗauki wannan adadi a matsayin hukunci, ya ba ɗalibi sifili ko ya tura sunansa gaban kwamitin ladabtarwa ba tare da wata hujja ta biyu ba. A irin wannan hali yakan zama dole mahaifi ko mahaifiya su rubuta wa shugaban makaranta wasiƙa, kuma yana da kyau matasa su san yadda ake gina wannan wasiƙa, domin ko da yake sa hannun uba ne a ƙarshenta, kusan duk abin da zai ba ta ƙarfi daga hannun ɗalibin yake fitowa.

Abin da adadin yake nufi

Kafin a rubuta ko da layi ɗaya, wajibi ne a fahimci bambancin da ke tsakanin manhajar gano satar rubutu da manhajar gano rubutun na'ura, domin mutane da yawa, har da malamai, suna ɗaukarsu abu ɗaya. Ta farko tana kwatanta rubutun ɗalibi da littattafai da maƙaloli da shafukan da ke cikin rumbunta, kuma idan ta ce an kwafi sakin layi, tana nuna inda aka kwafo shi, ta yadda kowa zai iya ajiye rubutun biyu gefe da gefe ya gani da idonsa. Ta biyu kuwa ba ta da wani tushe da za ta nuna, domin rubutun da na'ura ta ƙirƙira ba ya ajiye a wani wuri da za a je a ɗauko shi, saboda haka abin da kawai take yi shi ne hasashe daga kamannin rubutun.

Hasashen nan ya ginu ne a kan yadda manhajoji irin su ChatGPT suke rubutu, wato suna jera kalmomi ɗaya bayan ɗaya, a kowane mataki suna karkata ga kalmar da ta fi yiwuwar biyo baya bisa ga dimbin rubuce-rubucen da aka horar da su a kai. Don haka manhajar ganowa takan auna abubuwa irin waɗannan guda biyu: na farko, ko kalmomin rubutun masu sauƙin cinkowa ne, wato ko wanda ya karanta rabin jimla zai iya faɗin sauran rabin, na biyu, ko jimlolin sun yi kusan daidai da juna a tsawo da gini, ko kuwa suna hawa da sauka kamar yadda rubutun mutum yakan yi. Manhajar GPTZero, wadda wani ɗalibin Jami'ar Princeton mai suna Edward Tian ya fitar a watan Janairun 2023, da waɗannan ma'aunai biyu ta fara shahara. Rubutun da kalmominsa suka zama na yau da kullum kuma jimlolinsa suka tafi a jere bai ɗaya, shi ne manhaja ke jingina wa na'ura, ko da kuwa yaro ne ya zauna ya rubuta shi da biro a kan tabarma.

Haka kuma adadin da ke fitowa ba ma'ana ɗaya yake ɗauka a kowace manhaja ba. A manhajar Turnitin, wadda ta ƙara sashen gano rubutun na'ura a watan Afrilun 2023, adadin yana nufin kason rubutun da manhajar ke zaton na'ura ce ta rubuta, yayin da a wasu manhajojin yake nufin ƙarfin zaton da take yi wa rubutun gaba ɗayansa. Malamin da ya ga 68 cikin ɗari ya fassara shi da cewa an tabbatar da laifi da ƙarfin kashi 68 ya yi wa adadin fassarar da ba lallai ba ne masu manhajar su yarda da ita, kuma tambayar farko da ta dace wasiƙa ta yi ita ce wace manhaja aka yi amfani da ita, me kuma masu ita suka ce adadinta yake nufi.

Abin da aka sani game da kuskurensu

Hujjar da ta fi nauyi a hannun uba ita ce shaidar da masu ƙera waɗannan manhajoji suka bayar a kan kayansu. Kamfanin OpenAI da kansa ya fitar da tasa manhajar ganowa a ƙarshen Janairun 2023, kuma ya bayyana cewa a gwajin da ya yi ta gano kashi 26 cikin ɗari kacal na rubutun na'ura, sannan ta ɗora wa kashi 9 cikin ɗari na rubutun mutane laifin da ba su yi ba. A watan Yulin wannan shekara kamfanin ya janye ta saboda ƙarancin ingancinta. Shi kuwa kamfanin Turnitin ya ce kuskuren manhajarsa bai kai kashi 1 cikin ɗari ba idan aka auna rubutu gaba ɗayansa, amma ya amince cewa a matakin jimla ɗaya-ɗaya kuskuren yana kaiwa kusan kashi 4, cewa adadin da ya gaza kashi 20 ba abin dogaro ba ne sosai, kuma ya gargaɗi malamai da kada su mai da adadin hujja tilo ta hukunta ɗalibi. Jami'ar Vanderbilt da ke Amurka ta kashe wannan sashe na manhajar a watan Agustan 2023, inda ta yi lissafin cewa ta aika da rubuce-rubuce 75,000 a shekarar 2022, kuma ko da kuskuren kashi 1 ne kawai, da an zargi kusan rubutu 750 a kan ƙarya.

Akwai kuma binciken da ya shafi ɗaliban ƙasar Hausa kai tsaye, duk da cewa ba a nan aka yi shi ba. A shekarar 2023 wasu masana a Jami'ar Stanford sun gwada manhajojin ganowa guda bakwai a kan insha'i 91 da mutanen da Turanci ba harshen uwarsu ba ne suka rubuta don jarrabawar TOEFL, sannan suka gwada su a kan insha'in yaran aji takwas na Amurka. Manhajojin sun kusa cinye gwajin yaran Amurka ba kuskure, amma a kan insha'in baƙin harshe sun yi kuskuren cewa na'ura ce ta rubuta a kusan kashi 61 cikin ɗari idan aka ɗauki matsakaici, kuma guda 89 daga cikin 91 ɗin sun sami aƙalla manhaja ɗaya da ta zarge su. Dalilin ba ɓoyayye ba ne, domin wanda ya koyi harshe a aji yakan riƙe kalmomin da ya tabbatar da su da ginin jimlar da aka koya masa, ba ya yawan yin wasa da harshe kamar wanda ya tashi a cikinsa. Ɗalibin da ke magana da Hausa a gida, yana rubuta Turanci a Kano ko Faransanci a Maraɗi, kuma an horar da shi ya buɗe insha'i da gabatarwa, ya jero dalili na ɗaya da na biyu da na uku, ya rufe da kammalawa kamar yadda masu shirya ɗalibai don jarrabawar WAEC da NECO ke koyarwa, yana rubuta ainihin irin rubutun da manhaja ta fi saurin zargi.

Ana iya ganin nauyin wannan ta hanyar lissafi mai sauƙi. A ƙaddara makaranta ta tattara insha'i 1,000 a zango ɗaya, 900 daga cikinsu ɗalibai ne suka rubuta da kansu, 100 kuwa na'ura ce ta rubuta. Idan manhajar da aka yi amfani da ita ta yi aiki irin na wadda OpenAI ya janye, za ta kama 26 daga cikin ɗari ɗin nan na masu laifi, ta kuma zargi 81 daga cikin marasa laifi 900, wanda ke nufin cewa a cikin sunaye 107 da za su isa teburin shugaban makaranta, kusan uku cikin kowane huɗu ba su yi komai ba, alhali masu laifi 74 sun wuce salin-alin. Ko da an ɗauki manhajar da kuskurenta kashi 1 ne kawai, za a sami yara tara da aka ɓata wa suna a zango ɗaya, kuma babu wata alama a jikin adadin da za ta nuna wa malami ko yaron da ke gabansa yana cikin taran nan ko ba ya ciki.

Misali: ɗaliba, insha'i, da sifili

Don a ga yadda wannan sani yake zama wasiƙa, a ɗauki misalin wata ɗaliba 'yar aji biyu na babbar sakandare a wata makarantar kuɗi, wadda malamin Turanci ya ba ajinsu jingar rubuta insha'i mai kalmomi 600 a kan kwararowar hamada, a buga a na'ura a turo masa. Ta fara tsara batutuwanta a littafin rubutu, ta yi daftarin farko da biro, sannan ta buga shi a Google Docs cikin zama uku a kwamfutar yayanta. Bayan mako guda sakamako ya fito da sifili, tare da ɗan bayani cewa manhaja ta nuna kashi 68 na rubutun aikin na'ura ne, kuma za a shigar da maganar cikin fayil ɗinta a matsayin maguɗi. Ba a kira ta an tambaye ta komai ba, ba a kuma nuna mata rahoton manhajar ba.

Matakin farko a gida yake, kuma shi ne wanda ya fi kowanne wahala ga matashi, wato faɗa wa iyaye gaskiya tsantsa kafin su ɗauki alƙalami. Idan ɗalibar ta yi amfani da manhajar gyaran nahawu irin su Grammarly, ko ta rubuta wani sashe da Hausa ta fassara shi da Google Translate, ko ta tambayi ChatGPT ya ba ta jerin batutuwa kafin ta fara, dole mahaifinta ya san wannan tun farko, domin irin waɗannan kayan aiki, musamman masu sake gina jimla, suna iya ɗaga adadin da manhajar ganowa ke bayarwa, kuma makarantu sun bambanta a kan wanne suka halatta wanne suka hana. Uban da ya rubuta cewa 'yarsa ba ta taɓa wata manhaja ba, sannan aka zo zama aka gano ta taɓa, ya zubar da girmansa a gaban shugaban makaranta, ya kuma rushe sauran hujjojinsa masu kyau, don kuwa ramin ƙarya ƙurarre ne. Idan kuma ta tabbata cewa na'ura ce ta rubuta aikin, to wasiƙar da ta dace ita ce ta amsa laifi da neman sassauci, ba wadda ake bayani a nan ba.

Mataki na biyu shi ne tattara sawun aikin, kuma wannan ma aikin ɗalibar ne. Littafin da ta yi tsari da daftari a ciki, da gogewa da soke-soken da ke jikinsa, shaida ce mai ƙarfi, haka nan littattafai ko takardun da ta karanta. A Google Docs kuwa akwai tarihin gyare-gyare da ake buɗewa ta File, sai Version history, sai See version history, inda za a ga ranaku da lokutan da aka yi aiki a kan takardar da abin da aka ƙara ko aka goge a kowane zama. Rubutun da ya girma sannu a hankali cikin zama uku, ana sauya kalma ana mayar da sakin layi daga sama zuwa ƙasa, yana da kamannin da suka sha bamban da rubutun da ya faɗo gaba ɗayansa cikin minti ɗaya. Sai dai a lura cewa wannan shaida tana da iyaka ta fuska biyu, domin mai wayo yana iya kallon rubutun na'ura ya riƙa bugawa da hannu, kuma mai gaskiya yana iya rubutawa a wayarsa sannan ya kwafo ya liƙa a dunƙule, saboda haka ba a dogara da ita ita kaɗai, sai a haɗa ta da daftarin hannu da tsofaffin insha'in da ɗalibar ta rubuta a aji a gaban malami. Abin da ba a so shi ne a taɓa takardar bayan zargi ya fito, domin duk gyaran da aka yi a lokacin zai bayyana a tarihin da kwanan watansa, ya kuma jawo sabon zato.

Ginin wasiƙar

Wasiƙar da ke aiki gajera ce, ba ta wuce shafi ɗaya ko ɗaya da rabi, kuma tana tafiya a matakai huɗu. Bayan adireshi da kwanan wata da gaisuwar girmamawa, sakin layi na farko yana kawo abin da ya faru ba tare da ado ko zafi ba: sunan ɗaliba da ajinta, darasin, ranar da aka miƙa jinga, ranar da hukunci ya fito, da abin da aka ce shi ne dalili. Uban zai iya cewa: "Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, muna rubuto wannan takarda ne game da sifilin da aka ba 'yarmu a jingar Turanci, wanda bayanin da ya zo mana ya nuna cewa an gina shi ne a kan adadin da wata manhaja ta bayar. Muna goyon bayan makaranta ɗari bisa ɗari wajen yaƙi da maguɗi, kuma da a ce an tabbatar da laifi a kanta, da mu ne za mu fara tsawata mata." Wannan jimla ta ƙarshe tana da amfani, domin tana sanar da shugaban makaranta cewa mai wasiƙar ba ya cikin iyayen da ke kare 'ya'yansu ko da sun yi laifi, kuma tana mayar da maganar kan hujja.

Mataki na biyu tambayoyi ne, kuma ya fi kyau su kasance tambayoyin da ke da amsa takamaimai. Wace manhaja aka yi amfani da ita, kuma ana iya ba iyaye kwafin cikakken rahotonta wanda ke nuna jimlolin da ta yi wa alama? Ban da adadin, akwai wata hujja da malamin ya dogara da ita, kamar madogarar da aka ambata a rubutun wadda babu ita a duniya, ko salon da ya yi hannun riga da sauran aikin ɗalibar? An ba ɗalibar damar yin bayani kafin a yanke hukunci? Wace doka ce a rubuce cikin kundin dokokin makaranta ta yi magana a kan amfani da ƙirƙirarriyar basira, kuma an sanar da ɗalibai ita kafin a ba da jingar? Amfanin tambaya a kan zargi shi ne tana barin ƙofa a buɗe, domin idan malamin yana da hujjar da iyaye ba su sani ba za ta fito, idan kuma ba shi da ita shugaban makaranta zai gane hakan da kansa ba tare da an ci fuskar ma'aikacinsa ba.

Mataki na uku shi ne kawo hujja, a nan kuma taƙaitawa ta fi yawaitawa. Ya isa a ambaci abubuwa biyu ko uku da shugaban makaranta zai iya bincikawa da kansa, kamar janyewar da OpenAI ya yi wa manhajarsa, gargaɗin Turnitin cewa kada adadi ya zama hujja tilo, da binciken Stanford kan masu rubutu da harshen da ba nasu ba, sannan a lissafa abubuwan da aka haɗo da wasiƙar, wato hoton shafukan daftari, hoton tarihin gyare-gyare, da tsofaffin insha'i biyu da malamin ya taɓa dubawa. Wasu iyaye sukan zuba rubutun a wata manhajar ganowa dabam, idan ta ce mutum ne ya rubuta sai su kawo wannan a matsayin wanke 'yarsu, amma yin haka yana raunana wasiƙar, tunda ba zai yiwu a ce adadin manhaja ba hujja ba ne a sakin layi ɗaya, sannan a kafa hujja da adadin wata manhajar a sakin layi na gaba ba. Iyakar abin da saɓanin manhajoji biyu ke nunawa shi ne cewa ba su da tabbas, kuma da wannan fuska kaɗai ya kamata a ambace shi. Haka nan tambayar ChatGPT ko shi ya rubuta wani abu aikin banza ne, domin ba shi da hanyar tantance hakan, kuma yakan amsa da e ko a'a ba bisa wani tushe ba.

Mataki na huɗu, wanda yawancin wasiƙun ƙorafi ke mantawa da shi, shi ne faɗin abin da ake nema a fili. A wannan misali uban zai nemi a dakatar da sifilin da shigar da maganar cikin fayil har sai an sake dubawa, a shirya zama da shi da ɗalibar da malamin da wani malami na biyu da ba shi da hannu a hukuncin farko, kuma a gwada ɗalibar ta hanyar da ba ta buƙatar manhaja. Zai iya rubuta cewa: "Muna roƙon a zaunar da ita a yi mata tambayoyi da baki a kan abin da ta rubuta, ko a ba ta takarda da biro ta sake rubutu a kan wannan batu a gaban malami, kuma duk abin da wannan gwaji ya nuna mun yarda da shi." Wannan tayi shi ne ƙashin bayan wasiƙar, domin ɗalibar da ta rubuta insha'inta za ta iya faɗin dalilin da ya sa ta fara da sare itatuwa kafin ƙarancin ruwan sama, inda ta samo misalin da ta kawo, da ma'anar kowace kalmar da ta yi amfani da ita, alhali wadda ta kwafo yawanci takan kakare tun a tambaya ta biyu ko ta uku. Daga nan sai a rufe da neman amsa cikin wani lokaci mai ma'ana, kamar mako guda, a sa hannu, a kai kwafi biyu ofishin makaranta, a karɓi ɗaya da hatimi da kwanan watan karɓa.

Haƙƙin a saurari mutum

Tushen da wasiƙar ta tsaya a kai ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. A fiƙihun Musulunci ƙa'ida ce sananniya cewa kawo hujja yana kan mai da'awa, kuma asalin mutum kuɓuta ne daga laifi har sai an tabbatar da akasin haka. Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya tanadi haƙƙin sauraro na adalci a sashe na 36, kuma tun a shekarar 1986, a shari'ar Garba da Jami'ar Maiduguri, Kotun Ƙoli ta soke korar da aka yi wa wasu ɗalibai bayan tarzoma, saboda ba a yi musu adalci wajen sauraro ba, ciki har da cewa wani jami'in da tarzomar ta shafa ne ya shugabanci kwamitin binciken. Darasin da ke ciki shi ne cewa ba a hukunta ɗalibi kafin a ji ta bakinsa, kuma wanda ya yi zargi bai kamata ya zama shi kaɗai ne alƙali ba. Duk da haka ba hikima ba ce a cika wasiƙar farko da ambaton kotu da lauya, domin barazana takan sa makaranta ta ja daga ta kare kanta, alhali abin da ake nema ƙarami ne da shugaban makaranta zai iya warwarewa a zama ɗaya. Idan ba a sami amsa ba, akwai matakan da ke gaba, kamar ƙungiyar iyaye da malamai, hukumar gudanarwar makaranta, da ma'aikatar ilimi ta jiha, kuma kwafin nan mai hatimi shi zai nuna cewa an bi ta ƙofa.

Ya kamata kuma a yi wa malamin adalci, domin damuwarsa ta gaskiya ce, akwai ɗaliban da ke miƙa aikin na'ura da sunan nasu, kuma malamin da ke duba insha'i ɗari biyu a mako yana neman abin da zai rage masa nauyi. Ba laifi ba ne adadin manhaja ya sa shi ya sake karanta rubutu da kyau ko ya kira ɗalibi ya yi masa tambayoyi, kuskuren yana faruwa ne idan aka tsaya a kan adadin aka tsallake binciken. Saboda haka ɗalibin da aka zarga ya guji zagin malami a gaban 'yan aji ko yaɗa maganar a kafafen sada zumunta, domin hakan ba ya ƙara wa hujjarsa komai, kuma yana iya zama laifi na biyu da ba ya buƙatar wata manhaja kafin a tabbatar da shi.

Nasihar da ta rage ga matasa ita ce su shirya wa wannan rana tun kafin ta zo, ta hanyar ajiye daftarin kowace jinga har zango ya ƙare, yin rubutu a inda ake adana tarihin gyare-gyare, rubuta sunayen littattafan da suka karanta, da tambayar malami tun ranar da ya ba da aiki wace manhaja ya yarda a taɓa wace kuma ya hana. Kada tsoron manhaja ya sa ɗalibi ya riƙa cusa kurakurai da gangan a rubutunsa don ya yi kama da na mutum, ko ya bi ta manhajojin da ke alƙawarin ɓoye sawun na'ura, domin na farko yana lalata ƙwarewar da ya zo makaranta nema, na biyu kuwa shi ne maguɗin da ake zarginsa da shi. Duk ɗalibin da ya rubuta aikinsa da kansa, ya adana sawunsa, ya kuma gaya wa iyayensa gaskiya, ya ba su abin da za su tsaya a kai a gaban kowane shugaban makaranta. Allah Ya ba ɗalibai ilimi mai amfani, Ya kuma ba malamai da iyaye ikon yin adalci.